ILMIN ZAMANI: Yadda Ake Tace Bidiyon Darasin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa koyon aikin kwamfuta ta hanyar bidiyo a wayarsa ya san irin takaicin da ke cikin darasin da ba a tace ba. Malami yana cewa "danna nan", alhali kuwa kibiyar da yake nuni da ita ba ta fi ƙwayar gero ba a fuskar waya. Kafin ɗalibi ya gano inda "nan" ɗin yake, malam ya riga ya wuce, ko kuwa ya yi kuskure yana ta kame-kame yana neman mafita. Ana magance wannan ne bayan an gama ɗauka, wato wajen tacewa, inda ake yanke kurakurai, a zuƙo wurin da ake aiki ya fito fili, sa'an nan a haskaka kibiya. A wannan jeri kuwa ya kamata a bi su, domin dalilin da za a gani nan gaba.

A ɗauka ga wani malami da ke son koya wa masu kantuna yadda za su tara cinikin yini a manhajar Excel. Ya jera kaya iri goma, kuɗinsu yana cikin gidaje B2 zuwa B11, jimla kuma za ta fito a B12. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne:

```
=SUM(B2:B11)
```

Sai hannunsa ya zame ya rubuta B10 maimakon B11, jimla ta fito ba daidai ba, bai lura ba sai da ya yi kusan rabin minti yana bayani a kanta.

To, sauƙin yanke wannan kuskure ko wahalarsa ya dogara ne ga abin da malamin ya yi a daidai lokacin da ya farga. Gwani ba ya tsayar da ɗauka. Yakan yi shiru, ya tafa hannu sau ɗaya kusa da makirfo, ya danna Ctrl+Z har gidan B12 ya koma fanko kamar da, ya mayar da kibiya inda take kafin kuskuren, ya ɗan numfasa, sa'an nan ya sake faɗin jumlar tun daga farkonta. Amfanin tafin shi ne, manhajar tacewa tana zana murya a wani ziri da ke ƙasan hoto, tudu inda aka yi magana, shafaffe inda aka yi shiru. Tafi yakan fito a zanen kamar tsinin mashi, saboda haka mai tacewa zai hango duk wuraren kuskure da ido, ba sai ya saurari bidiyon daga farko har ƙarshe yana laluben su ba.

Yanka biyu ake yi, ɗaya a cikin shirun da ya gabaci jumlar da ta lalace, ɗaya a cikin shirun da ya gabaci wadda aka maimaita, a fitar da abin da ke tsakani. Ba a yanka a tsakiyar kalma ko tsakiyar numfashi, domin kunne yakan ji ƙaras a wurin. Umurnin da ke cire guntun ya kuma jawo sauran ya rufe giɓin shi ne Ripple Delete a yawancin manhajoji. Sai dai akwai tarko a nan. Sau da yawa hoto yana kan zirinsa, murya tana kan nata. Idan aka yanke sakan talatin daga hoto aka bar murya, to daga wurin har ƙarshen darasi baki da hannu sun raba hanya: malam yana cewa ga jimla ta fito, allo kuwa ya riga ya wuce can gaba. Ana gane wannan da sauri in aka tsallaka zuwa ƙarshen bidiyo aka duba ko ƙarar dannawa tana zuwa tare da abin da aka danna.

Yanzu a dubi malamin da bai mayar da allo yadda yake ba. Ya ce "af", ya gyara lambar a gurguje, ya ci gaba. Mai tacewa zai iya yanke "af" ɗin, amma ba zai iya yanke abin da ido ya gani ba. Ɗalibi yana kallon gidan B12 fanko, ƙiftawa da bismilla sai ga lamba a ciki wadda bai ga yadda ta shiga ba, kibiya kuma ta yi tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ga wanda ya san aikin wannan ba kome ba ne. Ga mai koyo kuwa babban abu ne, gama zai zaci wani mataki ya kuɓuce masa, ya yi ta mayar da bidiyo baya yana neman abin da babu shi. In tsallen na kibiya ne kaɗai, ana iya ɓoye shi ta hanyar sauya girman hoto a daidai mahaɗin, ido ya ɗauka sauyin ne aka nufa. In kuwa abin da ke cikin gidajen ne ya sauya, babu dabara, sai a sake ɗaukar wannan guntun.

Ba kowane kuskure ba ne abin yankewa. Da a ce malamin ya rubuta SUN maimakon SUM, Excel zai nuna masa #NAME? a cikin gidan. Wannan kuskure ne da ɗalibai da yawa za su yi da kansu, kuma ranar da suka gan shi babu malami kusa. Barin sa a cikin darasi tare da gyaransa ya fi cire shi amfani, muddin malam ya faɗi abin da ya faru a natse. Haka kuma shirun da ke biyo bayan danna Enter. Masu tacewa sabbin shiga sukan share kowane shiru don bidiyo ya gajarta, alhali wannan sakan ɗaya ko biyu shi ne lokacin da ɗalibi ke duba nasa allon ya ga ko tasa jimlar ta yi daidai da ta malam.

Sai an gama yanka tsaf ake shiga zuƙowa. Dalili kuwa shi ne, kowace zuƙowa da kowace alama ana ɗaure ta ne a wani sakan ƙayyadadde. Wanda ya jera su tukuna, daga baya ya cire rabin minti daga farkon bidiyo, yana iya tarar da alamominsa sun goce daga wurarensu, da'ira tana kewaye da fili, abin da aka nufa ya wuce.

Ita zuƙowa tana da iyaka, kuma iyakar lissafi ce. Hoton allo ɗigo-ɗigo ne. Idan malamin ya ɗauka a girman 1920 a kwance da 1080 a tsaye, waɗannan ɗigogin su ke nan, manhaja ba za ta ƙago wasu ba. In ya yi niyyar fitar da bidiyon a wannan girman dai, to duk zuƙowar da ya yi jan hoto ne kamar roba, rubutu zai fara dusashewa. Amma in zai fitar da shi a 1280 da 720, yana da rarar da zai ci. A raba 1920 da 1280, ana samun ɗaya da rabi. Ma'ana, yana iya zuƙowa har abu ya ƙaru da rabin girmansa ba tare da rasa ko ɗigo ɗaya ba. In ya ninka girman sau biyu, yankin da yake nunawa ya zama 960 da 540, wanda dole a ja shi ya cika 1280 da 720, a nan ne gefen haruffa zai fara yin hazo har 3 ta so ta yi kama da 8. A darasin lissafin kuɗi wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Mai allon 3840 da 2160 shi ne ke iya ninkawa sau biyu ya kuma fitar a 1920 da 1080 lafiya lau. Wanda ba shi da irin wannan allo, dabararsa ita ce ya ƙara girman rubutu a cikin Excel tun kafin ya fara ɗauka.

Akwai kuma tambayar abin da za a zuƙo. Hannu yakan kai ga inda kibiya take, to amma a wannan darasi ido yana bukatar wurare biyu lokaci guda: gidan B12, da dogon layin nan na sama inda abin da ake rubutawa ke bayyana. In aka matsa sosai a kan gidan, layin sama ya fita daga hoto, ɗalibi ya rasa rabin darasin. Zuƙowar ɗaya da rabi daga kusurwar hagu ta sama takan ɗauki duka biyun har da sunayen kaya. Ya kamata hoton ya matso a hankali, cikin kamar rabin sakan zuwa ɗaya, ya isa kafin malam ya fara rubutu, ya kuma tsaya cak har jimla ta fito. Hoton da ke bin kibiya duk inda ta nufa yana sa jiri. Kafin a tafi wani sashe na allo, gara a koma cikakken hoto na ɗan lokaci, domin mai kallo ya san daga ina aka tashi, ina aka dosa.

Batun haskaka kibiya ya danganta da manhajar da aka yi ɗauka da ita. Camtasia tana ajiye motsin kibiya daban da hoton allo, don haka bayan ɗauka ana iya ƙara mata girma, a sa mata da'ira, ko a ɓoye ta gaba ɗaya a wurin da ba a bukatarta. OBS Studio, wadda kyauta ce, tana haɗe kibiya cikin hoton, yadda aka ɗauke ta haka za ta zauna. Mai aiki da ita sai ya shirya tun farko: ya ƙara girman kibiya a saitin Windows, ko ya kunna Mouse Highlighter na PowerToys, wanda ke sa da'ira duk lokacin da aka danna linzami.

Da'irar ruwan ɗorawa da aka saba gani tana da nata aibin. In ta yi kauri takan rufe lambar da ake son a karanta, in kuma ta bi kibiya tun daga farko har ƙarshe ido yakan saba da ita ya daina ganinta. Ta fi aiki in shara-shara ce, tana bayyana lokacin dannawa. A darasin masu kantunan, wurin da ya cancanci alama ta musamman bai wuce ɗaya ba, wato B11 da ke cikin baka, inda shi kansa malamin ya yi tuntuɓe. A sa masa ƙaramin akwati ja na sakan uku a daidai lokacin da ake ambatonsa, a ɗauke.

Da an fitar da bidiyo, a tura shi waya ta hanyar da ɗalibai za su same shi, gama manhajojin aika saƙo sukan matse bidiyo su rage masa kyau. A kalle shi a can, a tsaya a kowane mahaɗi, a kuma gwada karanta lambobin gida goman ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ta gagari ido a waya, sai a koma a ƙara mata zuƙowa in akwai sauran rara, in babu a sake ɗaukar guntun da manyan haruffa.