Karatu Huɗu Kafin a Latsa Aikawa

Ranar Litinin, 24 ga Fabrairun 2025, na aika wa wani malamin jami'a da ke Amurka wasiƙar imel ina gayyatarsa ya zama mai jarrabawa na waje ga ɗaya daga cikin ɗalibanmu masu neman digiri na uku. Za a yi zaman ne ta bidiyo, don haka babu maganar jirgi ko masauki. Washegari na tarar da amsarsa, gajeriya, cikin ladabi amma da alamar ɓacin rai. Ya ce ba zai iya karanta kundi mai shafi sama da ɗari uku cikin kwana takwas ba, saboda haka a nemi wani. Na daɗe ina kallon allon ina mamaki, domin a lissafina na ba shi fiye da mako biyar. Sai da na koma ga abin da na rubuta sannan na ga 03/04/2025. Ni ina nufin 3 ga Afrilu, kamar yadda muke fara rubuta rana kafin wata. Shi kuwa ya karanta 4 ga Maris, domin a Amurka wata ne ke gaba. Da bai amsa da wuri ba, da yaron nan ya rasa mai jarrabawar da muka yi watanni muna nema, kuma laifin nawa ne ni kaɗai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na zauna na sake bin wasiƙar a tsanake, sai na tarar da wasu kurakurai uku cikin layi goma sha ɗaya. Na ƙara harafi a sunan mutumin, na rubuta kuɗin ladan aikin da sifiri ɗaya a ɓace, sannan wata ƙaramar kalma ta fito sau biyu a jere. Alhali na karanta wasiƙar kafin in aika, har sau biyu. To, me ya hana ni gani?

Amsar ita ce mai rubutu ba ya karanta abin da ke kan allo, yana karanta abin da ke cikin kansa ne. Ido na tsalle daga kalma zuwa kalma, ƙwaƙwalwa kuma na cike giɓi da abin da ta riga ta sani. Shi ya sa maimaita karatu iri ɗaya ba ya amfanar da kome, ko sau goma ne. Tun daga wannan rana na sauya hanya. Nakan bi wasiƙa sau huɗu, amma kowane bi da abin da nake farauta, ba na kula da sauran. Nakan kuma fara da abin da kuskurensa ya fi tsada. Duka ba ya cin minti biyar.

Bi na farko na sunaye ne. Ban san wata al'umma da ta kai mu yawan hanyoyin rubuta suna ɗaya da boko ba. Akwai Muhammad, akwai Mohammed, akwai Muhammadu; akwai A'isha, Aisha da Aishatu; wanda mu ke rubutawa Abubakar, ɗan'uwanmu na Maraɗi ko Damagaram yana rubuta Aboubacar saboda ƙa'idar Faransanci. Babu wanda ya fi wani daidai a cikinsu. Daidai shi ne yadda mai sunan yake rubuta abinsa. Don haka na daina rubuta suna da ka. Nakan buɗe wasiƙar da mutumin ya taɓa aiko mini, in kwafo sunan daga inda ya sa hannu. In takardar shaida ce ga ɗalibi, sai ya turo mini hoton shafin fasfonsa, domin harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin takarda da fasfo na iya jawo tambayoyin da ba su da ranar ƙarewa a ofishin biza. Haka nan muƙami: wanda ya zama Farfesa bara ka kira shi Dakta bana, ba zai ce maka uffan ba, amma ya gani.

Akwai kuma wani tarko da ɗalibai ke yawan faɗawa. Mutum zai rubuta wasiƙar neman gurbin karatu guda ɗaya, ya riƙa sauya sunan jami'a a sama yana aikawa, ya manta cewa a sakin layi na uku sunan jami'ar farko na nan zaune. Na sha samun irin wannan, ɗalibi yana yabon sashena da sunan wani sashen. Maganinsa mai sauƙi ne: a latsa `Ctrl+F`, a rubuta sunan wurin da aka aika wa a baya, a ga ko zai fito.

Bi na biyu na kwanan wata ne da adadi, kuma nan na fi daɗewa. Ƙa'idata yanzu ita ce ba na rubuta wata da lamba, sai da sunansa, kuma dole in haɗa da ranar mako: Alhamis, 3 ga Afrilu, 2025. Sunan watan ya kashe ruɗani, ranar makon kuma shaida ce ta biyu. Amma fa sai an duba kalanda, domin sanarwar da ta ce Laraba, 3 ga Afrilu, ta raba masu karatu gida biyu, wasu su zo Laraba wasu su zo Alhamis. Kalmomi irin su gobe, jibi da mako mai zuwa ba su da wurin zama a imel, tunda ba ka san ranar da za a buɗe ta ba. A watan Janairu kuwa sai a lura da shekara, saboda hannu kan ci gaba da rubuta wadda ta wuce.

Lokaci ma na da nasa sharrin. A wasiƙar gyara da na aika, na kusa rubuta cewa ƙarfe 3 na yammacin Nijeriya ita ce ƙarfe 9 na safe a New York. A Fabrairu haka ne, tazarar awa shida ce. Amma Amurkawa sun tura agogonsu gaba da awa ɗaya ranar 9 ga Maris na shekarar, mu kuwa ba ma taɓa namu, saboda haka a 3 ga Afrilu tazarar ta koma awa biyar, wato ƙarfe 10 na safe a can. Tazarar ranar taron ake lissafawa, ba ta ranar rubutu ba.

Game da adadi, ba na amincewa da idona ko kaɗan. Nakan ɗora wasiƙar kusa da takardar da na ɗauko adadin, in bi lamba ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kuskurena na ranar shi ne 150,00 a maimakon 150,000, kuma da na san dabarar ƙirga lambobi uku bayan kowane waƙafi da na kama shi nan take. Lambar asusun banki a Nijeriya goma ce, ta wayar hannu goma sha ɗaya, don haka ƙirga su kawai na tona asirin wadda aka tsallake ko aka ninka. Wanda ke rubuta wa abokin hulɗa a Nijar sai ya ƙara kula, domin a tsarin Faransanci waƙafi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa. Abin da ɗan Kano ya rubuta 12,500 yana nufin dubu goma sha biyu da ɗari biyar, akawun da ya yi karatu a Yamai na iya karanta shi goma sha biyu da rabi. Kada kuma a ce rubuta adadi da kalmomi ya wadatar. Idan na ce naira dubu ɗari da hamsin, yawancinmu 150,000 za mu fahimta, amma mai son gardama na iya cewa 100,050 aka ce, kuma nahawu ba zai ƙaryata shi ba. Don haka in kuɗi ne, nakan rubuta da lamba da kalmomi, in tabbatar sun yi daidai da juna.

Bi na uku na waƙafi ne. An koya mana a firamare cewa waƙafi wurin shan iska ne, wannan kuwa rabin gaskiya ce da ta sa wasu ke yayyafa shi kamar gishiri. Aikinsa na ainihi raba abin da bai kamata ya haɗu ba. Dubi bambancin "Malam Audu ya iso" da "Malam, Audu ya iso." A ta farko mutum ɗaya ne ya iso, a ta biyu ana gaya wa malam ne cewa wani ya iso. A jerin sunaye abin ya fi muni a wurinmu, tunda sunan uba da na ɗa duk daga rumbu ɗaya ake ɗebo su. "Aminu Sani, Musa Bello" mutum biyu ne. "Aminu, Sani Musa, Bello" mutum uku ne. In jerin waɗanda za a biya alawus ne, wani ya shiga ko wani ya fita. Shi ya sa sunaye in sun wuce uku nakan ba kowane layinsa. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da direbobin kamfanin madara na Oakhurst a jihar Maine ta Amurka. Rashin waƙafi ɗaya a dokar kuɗin aikin bayan lokaci ya sa kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayansu a 2017, daga baya aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan biyar.

Bi na ƙarshe na kalmomin da aka ninka ne, kuma da murya nake yin sa, ko da a hankali, domin baki kan yi tuntuɓe inda ido ya wuce. Ƙananan kalmomi ne ke ɓuya, irin su da, na, a da ya, musamman idan ɗaya ta zo a ƙarshen layi ɗayar a farkon na gaba. A Turanci na'ura kan ja layi a ƙarƙashinsu. A Hausa kuwa, in an bar ta a kan Turanci, kusan kowace kalma takan ja wa layi, har mutum ya daina kulawa. Sai dai a nan akwai buƙatar hankali, domin harshenmu na ninka kalma da gangan. "Da da hali da na zo" daidai take, ba a taɓa ta. Wanda kuma ya ga "a ba su naira dubu biyar-biyar" ya share biyar ɗaya da sunan gyara, ya mayar da rabon kowa ya zama kuɗin da za su raba tsakaninsu. Karan ɗori ne ke nuna wa mai karatu cewa ninkin na ganganci ne, saboda haka a sa shi. Wani maimaicin kuma na salo ne. Na taɓa ƙirga "don Allah" shida a wasiƙar ɗalibi mai layi takwas; ɗaya ta isa roƙo, sauran biyar sun rufe abin da yake roƙo.

Abu biyu nake yi kafin dukan wannan. Ba na rubuta adireshin wanda zan aika wa sai na gama, domin wasiƙar da ba ta da adireshi ba ta tafiya bisa kuskure, kuma in na zo rubutawa nakan karanta adireshin da na'ura ta kawo mini har ƙarshensa, tunda masu suna ɗaya a akwatina sun fi a ƙirga. Na kuma shiga saitin Gmail na ƙara wa'adin `Undo Send` daga daƙiƙa 5 zuwa 30, wanda shi ne iyakar abin da yake bayarwa. Daƙiƙa talatin ba ta isa karatu ba, amma ta isa mutum ya tuna bai liƙa takardar da ya ce ya liƙa ba.

Malamin na Amurka ya karɓi uzurina da na bayyana masa, ya kuma shiga zaman a kan lokaci. A ƙasan amsarsa ya rubuta sunansa shi kaɗai a layi guda, ba tare da harafin da na ƙara masa ba, bai kuma ce kome a kai ba.