Wa Ya Ɗauke Waɗanda Suka Faɗi a Giginya?

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ya karanta gajerun labaru da wasannin kwaikwayon da muke rubutawa a kan zuwan Turawa Sakkwato, zai lura da abu guda, watau kusan dukanmu a kan doki muke ba da labari. Jaruminmu yana sanye da lifidi ko sulke, takobi na rataye, ya yi kirari, ya yi sukuwa, ya faɗi yana kalmar shahada. Ba mu ga laifin wannan ba, gama tun 1934 da Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki aka share mana wannan hanya. Amma ra'ayinmu shi ne, lokaci ya yi da za mu sauko daga doki, mu tambayi kanmu wane ne ya ɗauke mahayin bayan ya faɗi, kuma me shi ya gani.

Kada wani ya ce irin waɗannan mutane ba su cikin tarihi. Cikin watan Oktoba na 1826, Baturen nan Kilafatan, wanda ya rasu a Sakkwato cikin 1827, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Konya ta Gobir. A wurin nan ya ga wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, bisa doki, ta rataya gorunan ruwa kamar shida da tasar tagulla, tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Shi kansa sau biyu ta ba shi ruwa, har ya sa ta cikin waɗanda suka fi kowa amfani da ƙarfin zuciya a ranar. Ba a ci garin ba. Tsohuwar nan ta san abin da jarumawa ba su sani ba, domin ta ga wanda ya yi gaba da wanda ya laɓe, ta kuma ji abin da mutum ke faɗi in ya ga mutuwa ido da ido. Shekara wajen ɗari biyu ke nan tana jiran mai rubuta labarinta.

To, bari mu ɗauki yaƙin da ya fi kusa da mu, mu gwada yadda za a yi aikin. Ran Lahadi 15 ga Maris, 1903, da safe, rundunar Turawa wadda Kanar Molan ke jagoranta ta fuskanci jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a filin da ke kudu da ganuwar birni. Sarkin Musulmi na tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Raba Ibrahim na riƙe da gefe biyu. Turawa suka ja dāga mai kusurwa huɗu, suka buɗe wuta da igwa da bindiga mai ruwa. Faɗan bai kai awa biyu ba. Kusan mutum ɗari suka kwanta dama daga cikin mutanen Sakkwato, cikinsu har da waɗanda suka ƙi barin tuta a gindin giginya. Wannan shi ne abin da littafi ya sani. Yanzu sai mu ajiye wani wanzami a gindin ganuwa, kusa da ƙofar gari, da zabirarsa da yaronsa, mu ga abin da ya rage.

Aiki na fari mai zafi ne, domin dole marubuci ya raba kansa da yawancin abin da ya karanta. Wanzamin nan bai san sunan Molan ba, a wurinsa Nasara ne kawai. Bai san 15 ga Maris ba. Abin da ya sani shi ne ba a cika mako da yin Sallar Layya ba, watakila ma akwai ragowar soyayyen nama a aljihun yaronsa. Daga inda yake zaune ba ya iya ganin tuta, sai ƙura da hayaƙi. Alamar da za mu gane marubuci ya yi kuskure ita ce, in muka ji wanzami yana lissafa yadda gefen Marafa ya motsa, ko yana faɗin yawan igwogin abokan gaba. Nan take mai karatu zai gane malamin tarihi ne ya ari bakin wanzami ya ci masa albasa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, a tambayi kowace, da ido ya gan ta, da kunne ya ji ta, ko kuwa wani ne ya zo ya gaya masa? Wadda ba ta da amsa a soke ta, kome daɗinta.

Wani zai ce, in an soke duk wannan, da me za a nuna yaƙin? Amsa ita ce, yaƙi da kansa zai zo ya iske wanzami, amma bi da bi, kuma jerin zuwan nan shi ne ƙashin bayan labarin. Da fari sai tambura da kabbara. Sa'an nan ƙarar igwa. Sa'an nan wata ƙara wadda ba ta yankewa, alhali kuwa bindigar da ya sani sai an tsaya an ɗura. Bayan wannan sai doki ya wuce a guje ba mahayi, kuma ya gane dokin, domin shi ke yi wa mai shi aski. Sai masu rauni da ke iya tafiya da ƙafarsu, sai waɗanda aka ɗauko, daga ƙarshe sai masu lafiya garau suna gudu ba su ko waiwaye. Mai karatu da ya bi wannan jeri ya san an ci Sakkwato, ba tare da kowa ya furta ba. Labarin da masu zuwa ke kawowa kuma kada ya daidaita: wannan ya ce Sarkin Musulmi ya yi shahada, wancan ya rantse ya gan shi ya yi gabas. Haka yaƙi yake ga wanda ke bayan dāga.

Abu na biyu shi ne sana'a, kuma a nan ne yawancinmu muke kasawa, saboda ƙyuyar zuwa mu zauna da masu ita. Mutum da idon sana'arsa yake kallon duniya. Wanzamin nan ya san saran takobi da sukan mashi. Ya san kibiya mai kunne ba a fizge ta, sai an tsaga an buɗe mata hanya. Ya san in an shafa mata dafin kwankwani dole a gaggauta, a kafa ƙaho a zuƙe. Karaya kuwa ya san aikin maɗori ne. Raunin harsashi ma ba baƙonsa ba ne, tun da akwai 'yan bindiga a rundunonin sarakuna. Abin da zai ɗaure masa kai shi ne yawan raunin a jiki guda, da yadda ƙashi ke rugurgujewa har maɗori ya rasa abin da zai haɗa. Ga yadda muke ganin za a iya rubuta wurin:

Ya yage rigar saurayin da aska, ya ga huda ƙarama a ƙasan kafaɗa, ko yatsa ba zai shiga ba. Ya ce wa yaronsa, “Miƙo ƙaho.” Da ya juya shi don ya nemi abin da ya shiga, sai ya tarar da baya a buɗe, ga kuma huda biyu a cinya, jere kamar an auna. Yaron na tsaye da ƙaho a hannu. “Baba, ga shi.” Wanzami ya dube shi, ya ce, “Mayar zabira. Kawo ruwa.”

A lura, ba a ambaci daula ba, ba a ce zamani ya juya ba. Ƙahon da aka mayar cikin zabira ya isa. Mutumin da ya shekara talatin hannunsa na da amsa ga kowane rauni, yau abin da ya rage masa shi ne abin da tsohuwar Konya ke bayarwa.

Abu na uku, kada a mai da shi taga kurum wadda ake leƙen yaƙi ta cikinta. In ba shi da abin da zai rasa, labarin ya mutu. Dole ya zaɓa, zaɓin kuma ya ci masa wani abu. Goran ruwa guda ne, masu nishi biyar, ɗayansu ɗan maigidansa ne wanda ya san ba zai kai azahar ba. Wa zai ba? In rana ta yi tsaka kuma babbar tambaya ta iso: jama'a na ɗaure kaya za su bi Sarkin Musulmi hijira, tafiyar da mu muka san ta ƙare a Burmi ran 27 ga Yuli, 1903, amma shi bai sani ba. Ya bi imaminsa ya bar masu rauni, ko ya zauna ƙarƙashin Nasara? Wannan ita ce tambayar da Waziri Buhari ya fuskanta, ya shawarci malamai, ya komo birni, har ya rubuta risala yana bayyana dalilinsa. Wanzami ba shi da alƙalami, ba shi da majalisar malamai, amma nauyin iri ɗaya ne a wuyansa.

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce wannan rage darajar shahidai ne, a bar masu tuta a koma kan mai aski. Ba mu yarda ba. Kirari ba ya nuna tsadar jarunta, gama mai kirari bai taɓa jinin ba. Wanda ya wanke raunin, ya san uwar mamacin, ya tuna ranar da ya yi masa kaciya, shi ne zai sa mai karatu ya gane abin da aka bayar a gindin giginyar nan. Sai dai akwai gargaɗi. Wanda bai riƙe makami ba, ba lalle ne ra'ayinsa ya zama namu ba. In muka zaɓi kuyangar da ke tuƙa tuwo a gidan wani basarake, wadda aka kamo tana yarinya, mai yiwuwa ne ta yi kukan ɗan da ta goya, a lokaci guda kuma tana tunanin hanyar garinsu. Marubucin da ya hana ta ɗaya daga cikin biyun nan ya yi mata ƙarya.

Saboda haka shawararmu ga mai niyyar rubuta Giginya, ko Satiru ta 1906, ita ce ya rufe littafin tarihi na yini guda, ya tafi wurin wani tsohon wanzami ko maɗori a cikin gari, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya buɗe zabira ya faɗi sunan kowane ƙarfe da aikinsa, ya kuma tambaye shi raunin da ya taɓa gagararsa. In ya komo, sai ya zaunar da mutuminsa a gindin ganuwa, kada ya bar shi ya hau doki har labari ya ƙare. Allah ya jiƙan waɗanda suka faɗi, da waɗanda suka ɗauke su, amin.