Sharhi: A gyara saƙon, a bar wa mai shi mutuncinsa

A watan Agustan 2014, makonni kaɗan bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya cikin dare ɗaya: a yi wanka da ruwan gishiri mai ɗumi, a kuma sha, wai rigakafi ne. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata, amma kafin nan an kwantar da mutane a asibiti, an kuma ruwaito mutuwar aƙalla mutum biyu. Da yawa daga cikin waɗanda suka yaɗa saƙon iyaye ne da 'yan'uwa da tsoro ya tashe su suka bugo wa nasu waya da asuba. Irinsu ne har yau ke tura makamancinsa a zaurukan WhatsApp na unguwa, na masallaci da na 'yan gari ɗaya mazauna Abuja.

Ra'ayinmu shi ne a raba al'amarin gida biyu. Da mai saƙon ana magana a keɓe, shi kuwa saƙon dole a gyara shi a inda aka karanta shi, domin mutum ɗari biyu da suka gani ba su ji abin da aka faɗa a waya ba.

A ɗauka wani dattijo, tsohon darakta, ya turo saƙon gishirin nan zauren unguwa da daddare. Mai niyyar gyara ya fara tabbatar da hujjarsa. Ebola na yaɗuwa ta hanyar taɓa jini ko wasu ruwan jikin mai ɗauke da ita, gishiri bai hana hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma na ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi. Shan ruwan da aka cika wa gishiri na zuƙe ruwa daga ƙwayoyin jiki, kuma haɗarinsa ya fi tsanani ga masu hawan jini da ciwon ƙoda. Sanarwar hukumar NCDC ko ta Ma'aikatar Lafiya, idan akwai, ta fi dogon bayani amfani.

Daga nan sai ya kira dattijon, domin murya na ɗauke da ladabin da rubutu ke zubarwa. Ya gaishe shi, sannan ya ce: “Ranka ya daɗe, saƙon nan da aka turo maka na duba shi. Irinsa ne ya kwantar da mutane a 2014, ga kuma masu hawan jini a zauren. Idan gyaran ya fito daga bakinka, za a fi saurara.” Faɗin “da aka turo maka” ya mayar da laifin kan asalin saƙon, kuma gaskiya ne, tunda ba shi ya ƙirƙira ba. Barinsa ya janye da kansa ya ba shi damar fita da girmansa, kuma waɗanda suka yarda da maganarsa ta farko za su yarda da ta biyu.

Jiran yana da iyaka. Saƙon da ke cewa a sha wani abu, ko a daina shan maganin likita, ba a barinsa ya kwana. Idan ba a samu dattijon ba, a rubuta gyaran a zaure nan take, ba tare da ambaton sunansa ko lanƙaya amsa a jikin saƙonsa ba. A fara da gaskiyar, cewa ruwan gishiri ba ya kare kowa daga Ebola, a kawo dalili cikin jimla biyu, a kuma ce wanda ya riga ya sha yana jin amai, ƙishirwa mai tsanani ko ruɗewa ya garzaya asibiti. Shugaban zaure na iya goge saƙon ga kowa, sai dai gogewa kaɗai ba ta isa, don wanda ya karanta bai san an janye ba.

Ma'aikata kan faɗa ɗayan ramuka biyu. Wani ya sako dogon Turanci da alamar dariya, dattijo ya ji an muzanta shi, ya kafe, ya koma tura saƙonninsa inda babu mai tanka masa. Wani kuma ya yi gum saboda mai saƙon ogansa ne, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Alamar an yi nasara ita ce mutumin ya ci gaba da magana a zauren, wata rana ma ya tambaya kafin ya tura.

Wannan sassauci na wanda aka ruɗa ne. Mai tallar maganin da bai da rajistar NAFDAC, wanda aka ja wa kunne ya maimaita, a cire shi daga zauren, a kuma kai rahotonsa ga hukumar.