Kwangilar Gwamnati Ba Ladan Kamfe Ba Ce

'Yan uwa, mun gaji da jin cewa tallata kwangila ɓata lokaci ne, wai shugaba ya san wanda zai iya aiki, a bar shi ya zaɓa. Wannan magana ita ce ta cika garuruwanmu da azuzuwa marasa rufi da rijiyoyin burtsatse marasa ruwa.

Dokar sayayya ta gwamnatin tarayya, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya sa wa hannu a 2007, ta mai da takara a fili ita ce hanya ta asali. Da farko ma'aikata ta tsara abin da take bukata, ta tabbatar kuɗinsa na cikin kasafi. Sai ta rubuta ƙa'idojin aikin da ma'aunin da za a auna kowa da shi, ta tallata a jaridu. 'Yan kwangila su kawo tayinsu a rufe kafin wa'adi, a buɗe a bainar jama'a, a karanta sunan kowa da farashinsa. Daga nan kwamiti ya tantance, a bai wa mafi ƙarancin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa.

Mu ɗauki misali: gina azuzuwa uku. Kamfani na farko ya nemi naira miliyan 48, na biyu 41, na uku 36. Na uku bai kawo takardar shaidar biyan haraji da aka nema ba, don haka ya faɗi tun a tantancewar farko. Aiki ya zama na mai 41. Idan mai 48 ƙanin matar shugaba ne, duk wanda zai ba shi sai ya bayyana dalilin ƙarin miliyan 7, alhali an karanta alƙaluman a gaban abokan takararsa, kuma doka ta ba su damar kai ƙorafi har Hukumar BPP. Son kai ba ya son shaidu.

Masu adawa za su ce ai takarar ma ana murɗe ta. Gaskiya ne, kuma mun san dabarun: a daddatsa babban aiki ƙanana don a kauce wa talla, a rubuta sharaɗin da kamfani ɗaya kaɗai zai cika, ko mutum ɗaya ya shigo da kamfanoni uku, ko a ci da farashi kaɗan sannan a nemi ƙari daga baya. Amma kowace dabara tana barin sawu a takarda: adireshi ɗaya, daraktoci ɗaya, farashin ƙarshe da ya zarce na ranar buɗewa. Kwangilar da aka bayar a falo da dare kuwa, sawun me za mu bi?

Saboda haka, duk aikin da muka ga an kafa allonsa a unguwarmu, mu yi tambaya uku: a ina aka tallata, su wa suka nema, nawa kowa ya ce? Jami'in da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba mu amsa.