Fassarar da ido bai kama ba, ba fassara ba ce

A 1992 Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, kuma rubutun Turancin da aka sa a ƙasan allo ne ya kai fim ɗin gidajen da ba a jin Ibo ko kaɗan. Dillalan kaset na titin Iweka a Onitsha sun ci kasuwa da wannan dabara shekara da shekaru. A 2018 Genevieve Nnaji ta yi Lionheart a Inugu, fim ɗin da ake jin Turanci da Ibo da Hausa a cikinsa, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin attajirin sufuri daga Kano. Wato garuruwan da 'yan uwanmu suke zaune a cikinsu, daga Gariki a Inugu zuwa Kan Gada a Onitsha zuwa Diobu a Fatakwal, sun daɗe da sanin cewa fim ɗaya yana iya shiga kunne uku. Abin da har yanzu ba mu ɗauka da muhimmanci ba shi ne lokaci. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya gama bidiyo yana son ya kai shi ga Bahaushe da Ibo da mai jin Turancin buroka, to ya fara da auna sakan kafin ya auna kalma, sannan kowane harshe ya samu nasa mai fassarar da zai kalli hoton da idonsa. Wanda ya tsallake wannan ya biya kuɗin fassara, amma mai kallo bai samu komai ba.

Lissafin ba shi da wuya. Ido yana da iyakar abin da yake iya karantawa alhali yana kallon fuska. Netflix, a ƙa'idojin da take bai wa masu yi mata fassara, ta tsaya a kan layi biyu kawai, kowane layi kada ya wuce harafi 42, kuma rubutu kada ya wuce sakan 7 a kan allo. Saurin karatu na manya harafi 17 ne a sakan a harsuna da dama, 20 a Turanci, yara kuma ana rage musu. Tsohuwar ƙa'idar gidajen talabijin na Turai ta fi wannan sassauci ga mai kallo: cikakken layi biyu a sakan shida, wato kusan harafi 12 a sakan. A wannan ƙidaya ana haɗawa da tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya. Waɗannan alƙaluma an yi su ne domin mutanen da suke karanta harshensu kullum. Mai sayar da albasa a Kan Gada yana kallo ne a waya mai ƙaramin allo, ga ƙarar janareto, ga ciniki yana katse shi, kuma wataƙila karatunsa na allo ya fi na boko ƙarfi nesa ba kusa ba. A wurinsa 12 ce gaskiya, 17 kuwa iyaka ce da bai kamata a kusance ta ba.

Mu ɗauki fitowa guda. Wani mai motocin haya yana magana da Ibo cikin fushi, yana gaya wa abokin cinikinsa Bahaushe cewa ba zai sayar da motarsa ba, maganar ta ɗauki sakan uku da rabi. Mai fassara mai son cika aiki zai rubuta: "Wallahi Alhaji, ko sama da ƙasa za su haɗu, ba zan sayar da motar nan ba." Hausa ce mai daɗi, babu abin kushewa a cikinta a takarda. Amma harafi 73 ne, idan aka raba da uku da rabi ana samun kusan 21 a sakan. Mai kallo zai kai "ƙasa" rubutun ya ɓace, ya rasa ainihin maganar, wato ƙin sayarwar, kuma bai ga fuskar mai fushin ba domin idonsa yana ƙasa. A saurin 12, sakan uku da rabi harafi 42 kawai suke ɗauka. Ga yadda ya kamata layin ya zauna a fayil ɗin SRT:

```
214
00:18:07,200 --> 00:18:10,700
Wallahi Alhaji, ba zan sayar da motar ba.
```

Harafi 41, layi ɗaya, an karanta an ɗaga kai an ga fuska. Manhajoji irin su Subtitle Edit da Aegisub, waɗanda kyauta ake sauke su, suna nuna wannan lissafi a gefen kowane layi da sunan CPS, kuma suna yi masa alama idan ya yi yawa. Babu editan da zai ce bai da kayan aiki.

Za a ce wannan cin amanar marubuci ne, an yar da sama da ƙasa, an bar magana tsirara. Ina jin nauyin wannan ƙorafi, domin karin magana shi ne gishirin zancenmu, kuma na fi kowa ƙin ganin an zubar da shi. Sai dai rubutun ƙasan allo ba shi kaɗai yake aiki ba. Rantsuwar tana cikin muryar ɗan wasan, tana cikin jijiyar wuyansa da yadda ya buga tebur, mai kallo yana ji yana gani ko da bai san kalma ɗaya ta Ibo ba. Abin da hoto ba zai iya faɗa ba shi ne me aka ƙi yi, kuma shi ne haƙƙin rubutu. Inda fitowar ta ba da sarari, misali ɗan wasan ya yi shiru na sakan biyu bayan maganar kuma kyamara ba ta sauya ba, sai a tsawaita layin a mayar da karin maganar. Masu cewa ai mai kallo yana iya tsayar da bidiyon ya karanta, su je shagon mai shayi a Diobu da daddare su ga mutum goma a kan waya ɗaya, su gaya mana wa zai yarda a tsayar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ƙara harsuna. Hanyar da ta fi arha ita ce a yi fassarar Turanci, a tura fayil ɗin ga mai Hausa da mai Ibo ta WhatsApp, su juya rubutun ba tare da sun ga fim ɗin ba. Lokutan da aka yanka sun dace da Turanci, to sai a cusa musu Hausa, wadda sau da yawa takan fi tsawo saboda ƙananan kalmominta, su "ba" biyu na korewa da "ne" da "ce" da "da". Wannan ma ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce Turanci yana da kalma ɗaya tak ga wanda ake yi wa magana, mu kuwa muna da kai da ke da ku. Ibo ba ya bambanta namiji da mace a nan, amma yana bambanta mutum ɗaya da jama'a, haka ma buroka da "una" ɗinsa. Idan magana ta bi ta Turanci, wannan bambanci ya mutu a hanya, sai mai fassarar Hausa ya yi ta canka. Daga nan ake samun miji yana ce wa matarsa "ka zo", ko yarinya tana ce wa surukinta "kai" a inda duk 'yar mutunci za ta ce "ku". Mai kallo Bahaushe yana ganin haka sau biyu zai daina yarda da sauran rubutun. Maganin shi ne a bai wa kowane mai fassara bidiyon da rubutaccen zancen asali, a bar masa ikon matsar da lokacin shiga da fita gwargwadon harshensa.

Akwai kuma kurakurai biyu na inji da ake gane su da ido. Idan rubutu ya dace da baki a farkon fim amma yana ƙara zamewa har ya zama a ƙarshe amsa tana riga tambaya, to an yi lokutan a kan kwafi mai firam 25 a sakan, an ɗora a kan mai 23.976, ko akasin haka. Bambancin yakan kai kusan minti biyu da rabi a cikin awa guda. Idan kuma ƙ da ɗ da ɓ, ko wasulan Ibo masu ɗigo a ƙasa, suka koma akwatuna da alamar tambaya, ba a adana fayil ɗin a UTF-8 ba, ko kuma salon harafin da aka zaɓa bai san su ba.

Wasu za su ce a huta da duk wannan, a ɗora murya kawai, tunda fassarar Indiya-Hausa irin ta Algaita ta nuna cewa mutanenmu sun fi son ji da kunne. Gaskiya ne, kuma ga mai kallon da karatun boko yake yi wa nauyi, ɗora murya ta fi rubutu adalci. Amma ita ma lokaci ne yake mulkinta, sai dai a nan gaɓoɓin furuci ake ƙirgawa. Cikakkiyar jimlar nan ta mai mota gaɓa 25 ce, kuma mai ɗora murya zai iya faɗinta a sakan uku da rabi idan ya yi ta da zafin fushi, don haka a nan sama da ƙasa suna iya dawowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rubutun ƙasan allo da rubutun ɗora murya takardu biyu ne daban, kuma wanda ya miƙa wa ɗan wasa fayil ɗin SRT ya ce ya karanta zai samu murya ta ƙare baki yana ta motsi. Idan kyamara ta matso fuska, sai an lura da inda leɓɓa suke haɗuwa, a nemi kalma mai b ko m ta faɗa a wurin. Sannan dole furodusa ya ajiye sautin kiɗa da na motsi daban da na magana tun a ɗakin tacewa, abin da ake rubutawa M&E. Idan babu shi, duk lokacin da aka cire muryar asali sai ƙarar kasuwa da kukan mota su tafi tare da ita, shi ya sa ake jin wasu finafinan da aka juya suna yin tsit kamar an shiga rijiya da zarar mutum ya buɗe baki.

Batun kuɗi shi ne hujja ta ƙarshe, kuma ba na raina ta. Mai fassara uku sun fi ɗaya tsada, ɗakin ɗaukar murya ya fi su duka. Amma mutanen da aikin yake buƙata suna nan a unguwannin da muke magana a kansu: samari da 'yan mata da aka haifa a Inugu da Onitsha da Fatakwal, Hausa a gida, Ibo ko buroka a kasuwa, Turanci a makaranta. Sun san lokacin da Ibo yake nufin "ku", sun san wace kalma ce za ta yi wa dattijo nauyi. Abin da ya rage musu koyon ƙidayar harafi da yanka lokaci ne, aikin 'yan makonni ga mai himma. Furodusoshin Kano da ke son kasuwar Kudu, da na Kudu da ke son kunnen Arewa, su nemi waɗannan yara su ba su aikin, kuma kafin a saki fim a kai shi Gariki a kunna wa mutum biyar a waya, a tambaye su me mai motar ya ce.