Tsayin Tanki da Faɗin Bututu ke Ba da Ruwa, Ba Girman Tanki ba

A sababbin unguwannin Kano da Kaduna, mai gida yakan kashe maƙudan kuɗi kan tayil da kawunan famfo masu sheƙi, amma ya bar wa mai aikin famfo shawarar inda bututu zai bi da kuma faɗinsa. Ranar da aka tare, shawa sai ɗigo take kamar ta gaji. Mai gida ya ɗora laifin a kan ƙanƙantar tanki, ya sayo babba, ruwa bai ƙaru ba. Kuskuren kuwa tun farko aka yi shi, domin ƙarfin ruwa ba ya zuwa daga yawansa, daga tsayinsa yake zuwa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi na kusan bar 1, wato mita guda tana ba da kashi ɗaya cikin goma. Ana auna tsayin ne daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin famfo. A ɗauki gida mai ɗakuna uku da banɗaki biyu, an ɗora tankin lita 2,000 a kan hasumiyar ƙarfe mai mita 3. Kan shawa yana sama da ƙasa da mita 2, saboda haka idan ruwa ya kusa ƙarewa, tazarar da ta rage mita 1 ce kacal, bar 0.1. Da an kai hasumiyar mita 6, tazarar za ta zama mita 4, matsin ya ninka sau huɗu. Tanki mai lita 5,000 a kan gajeriyar hasumiya ba zai yi wannan aikin ba.

Wannan ɗan matsin ne siririn bututu yake cinyewa. Ruwa yana gogar bangon bututu, kowace gwiwa kuma tana rage masa ƙarfi. Bututun inci 1 ya ninka na rabin inci wajen faɗin ciki kusan sau huɗu, ba sau biyu ba. Don haka ya kamata a sauko da ruwa daga tanki da inci 1 ko inci ɗaya da kwata, a kai shi kowane banɗaki da kicin da uku bisa huɗu na inci, rabin inci kuma ya tsaya a gajeren reshen da ke shiga famfo guda. Ana gane gidan da aka yi wa rowa ta hanya ɗaya: a buɗe famfon kicin, shawa ta mutu. Kowane reshe kuma yana bukatar makullinsa, don gyaran banɗaki ɗaya kada ya tsayar da ruwan gida duka.

Abin da aka fi mantawa shi ne iska. Idan bututu ya hau sama ya sake gangarowa, iska takan taru a ƙololuwar, ruwa marar matsi kuma ba ya iya tura ta. Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana tofi bayan tanki ya ƙare an sake cika shi. Maganin shi ne bututu ya yi ta gangara ba tare da tudu ba, sannan a tayar da bututun shaƙar iska daga mafitar tanki har ya wuce saman ruwa.

Bututun ƙazanta ma yana bukatar numfashi. Lanƙwasar da ke ƙarƙashin masai da wurin wanke hannu tana riƙe ɗan ruwa wanda ke toshe warin sokawe. In aka ja ruwan masai a bututun inci 4 marar mashaƙa, sai ya zuƙe wannan ɗan ruwan, a ji ƙara kamar kurkurar baki, wari ya biyo baya. Bututun inci 2 da ya fita ta saman rufi, nesa da taga, yana hana haka.

Masu cewa injin ƙarin matsi zai gyara komai suna da ɗan hujja, musamman a gidan da aka riga aka gama. Sai dai injin yana bukatar wuta, alhali an ɗora tanki sama ne don a sami ruwa ko da an ɗauke wuta. Bambancin kuɗin bututun inci 1 da na rabin inci kaɗan ne idan aka kwatanta da fasa tayil da bango. Saboda haka wajibi ne mai gida ya nemi zanen bututu, da tsayin hasumiya da faɗin kowane layi a rubuce, ya kuma ga an cika bututun da ruwa an gwada shi kafin magini ya shafe bango.