"Bayan la'asar" ba lokaci ba ne: mu yanka wuninmu tun da safe



Akwai wata magana da muka saba da ita har mun daina jin nauyinta: "mu haɗu bayan la'asar." Tsakanin la'asar da magariba awa biyu ce da wani abu, wani lokacin har uku. Wanda ya zo ƙarfe 4 da rabi ya cika alkawari, wanda ya zo ƙarfe 6 shi ma ya cika, amma ɗaya ya kashe yammacinsa yana zaune a kan benci. A ganinmu salloli biyar sun riga sun yanka mana wuni gida-gida. Abin da ya rage mana shi ne mu sa wa kowane yanki ƙarfensa da aikinsa tun kafin mu fita daga gida.

Abu na farko, ƙasarmu agogo ɗaya take bi, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Ana kiran magariba a Damagaram kusan rabin awa kafin a kira ta a Yamai, Maradi da Tawa kuma suna tsakani. Don haka tsarin da ɗan uwanka ya turo maka daga Damagaram ba zai zauna daidai a Yamai ba. Sannan a gari ɗaya ma lokacin yana tafiya. A Yamai, farkon watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da minti 25, a Yuli kuwa sai wajen 7 da minti 20. Asuba ita ma tana matsawa kusan awa guda tsakanin damina da lokacin ɗari. Azahar da la'asar ne masallatai da yawa suka tsayar wa lokacin jam'i da ba ya cika canzawa. Ke nan tsakiyar wuni a tsaye take, bakinsa biyu ne ke motsi.

Mu ɗauki misalin wani ma'aikaci mai gida a Harobanda, bironsa kuma a Filato. Yana shiga aiki ƙarfe 8, yana sauka 5 da rabi, kuma shi ke kai yara biyu lakwal a kan moto. A watan Disamba yana fitowa daga masallacin asuba wajen 6 da kwata. Daga nan zuwa 7 da minti 10 lokacin gida ne: wanka, kalaci, kuɗin cefane, duba jakar yara. Ƙarfe 7 da minti 10 ɗin nan ita ce ƙusar wunin gaba ɗaya. In ya ƙara kwata ɗaya yana sauraren saƙonni a waya, zai iske gadar Kenedi ta cika, kwatar nan ta zame masa rabin awa.

Ya isa biro, gaisuwa ta ci minti 20, kuma ba mu ce a daina gaisuwa ba, a dai rubuta ta cikin lissafi. Daga 8 da rabi zuwa ƙarfe 1 awa huɗu da rabi ke nan babu salla a tsakani, kuma duk wunin ba shi da wani yanki mai tsawon wannan. Nan ne wurin aiki mai cin ƙwaƙwalwa: rahoto, lissafin kuɗi, dosiyen da shugaba ke jira. Sai ya ware 8 da rabi zuwa 11 ga wannan aiki kaɗai, waya a kife. Daga 11 zuwa 1 ya karɓi mutane, ya amsa kira, a yi reniyo in akwai.

Inda muka fi ruɗin kanmu shi ne bayan azahar. A ce salla da abinci sun kai shi 2 da rabi. A takarda yana da awa uku kafin sauka. Amma in masallacin kusa da biro yana tada la'asar ƙarfe 4, zai tashi alwala huɗu saura kwata, ya dawo kujera 4 da minti 20. Sallar da muke cewa ta minti biyar ce, da layin buta da tafiya da jiran liman da gaisawa a ƙofa, ta ci minti 35. Awa ukun nan ta koma guntu biyu, ɗaya awa da kwata, ɗaya awa da minti 10. Wanda ya ajiye babban aiki sai wannan lokaci, ga zafi ga nauyin abinci, zai tafi da shi gida ko ya kwana a kan tebur. Guntayen nan na ƙananan ayyuka ne: sa hannu, amsa wasiƙu, shirya abin da za a fara gobe.

Saura komawa gida. In hanya ta ci minti 40, zai shiga gida 6 da minti 10. A Yuli yana da fiye da awa guda kafin magariba, ya biya kasuwa, ya gaida tsohuwa, ya sayi magani. A Disamba kwata ɗaya ta rage masa. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, hanya ɗaya, amma saƙon da yake iya yi da damina ba ya yiwuwa da ɗari. Wanda bai lura da haka ba shi ne kullum magariba ke riskarsa a kan gada, ya iso gida ransa a ɓace. Magani shi ne a sake tsarin duk lokacin da magariba ta matsa da kwata, a maida saƙonnin yamma ranar Juma'a bayan masallaci ko Asabar.

Tsakanin magariba da lisha kuwa, wajen awa ɗaya, mu bar wa gida. Nan ake duba karatun yara, a ji abin da ya faru da rana. Fada tana nan bayan lisha, shayi ba ya gudu.

Mun san abin da wasu za su ce: "Wane tsari a ƙasar da rasuwa ba ta sallama, baƙo ba ya kira kafin ya zo, wuta kuma ta ɗauke lokacin da ta so?" Gaskiya ne, kuma ba mu ce a rufe wa baƙo ƙofa don takarda ba. Shi ya sa ba a cika kowane yanki har baki. A bar guntun bayan la'asar babu wani aiki na dole a cikinsa. In jana'iza ta faɗo da safe, aikin safe ya samu wurin komawa. Aikin da ke buƙatar wuta a yi shi da wuri, na takarda da biro a ajiye shi don lokacin da ta ɗauke. In ka ga kwana uku a jere aiki ɗaya yana tsallakawa zuwa gobe, ka sa shi a yankin da ya yi masa kaɗan ne, sai ka ɗaga shi zuwa safe.

Magana ta ƙarshe ga magidanta. Tsarin mutumin nan yana tafiya ne don akwai wadda ta tashi kafin shi ta ɗora ruwa, kuma akwai wanda ke ɗauko yara in an tashi lakwal yana biro. In uwargida ita ma tana aiki ko tana sana'a, a zauna a rubuta takardar tare: wa ke kaiwa, wa ke ɗaukowa, wace rana. In ba a faɗa ba, yaro ne zai tsaya a ƙofar lakwal cikin rana, kowa na zaton ɗayan ya je.

Daga yau in za mu yi alkawari, mu haɗa sallar da ƙarfen: "bayan la'asar, 4 da rabi." Ku gwada mako ɗaya, ku faɗa mana ƙarfe nawa ake kiran magariba a garinku yanzu da yadda yammacinku ya kasance. Allah ya sa wa lokacinmu albarka.